Faci, sabon tiyub ko sabuwar taya? Nemo ƙayar tukuna

Wallahi ba abin da ke ƙona wa mai keke rai irin ka yi faci yau, ka bugi iska taya ta yi tauri kamar dutse, ka hau ka yi ƴar tafiyarka, gobe da safe ka fito ka tarar ta kwanta a ƙasa kamar ba a taɓa ta ba. Ka sake faci, jibi ma haka. Daga nan sai mutum ya fara zargin kowa, gam ne ba shi da kyau, tiyub ɗin ne jabu, mai facin ne bai iya aiki ba, alhali sau da yawa mai laifin na nan zaune daram a cikin robar tayar, ƴar ƙaya ce da ba ta kai tsinin allura ba. To abin da mutane suka fi tambaya shi ne wanne ya fi, a ci gaba da faci ne, ko a sa sabon tiyub, ko kuwa a canza tayar gaba ɗaya a huta. Zan faɗi yadda na ga kowanne, amma fa sai na fara da maganar neman ƙayar, domin biyun farko duk aikin banza ne in tana ciki, na ukun kuma asara ce in da ma za a iya cire ƙayar.

Abin da ke faruwa ba wani sirri ba ne. Ƙaya ta shiga ta waje, ta ratsa roba da zaren da ke cikin tayar, tsininta ya leƙo ciki kaɗan, sai gindinta na waje ya karye ko hanya ta goge shi ya yi daidai da fuskar taya, ka duba ba ka ga komai ba. In keke na tsaye ba nauyi a kai tsinin na iya komawa ya ɓuya cikin roba, amma da ka hau, duk zagayen da wili zai yi wurin ya taka ƙasa sai tayar ta lotsa ta turo tsinin ya caki tiyub. Shi ya sa sabon tiyub zai iya kwana lafiya lau a ɗaki, ka hau na ɗan lokaci ya fara sacewa. Kuma tunda ƙayar da kanta tana ɗan toshe hujin da ta yi, iskar ba ta fita lokaci ɗaya, a hankali take tafiya, awa biyar, awa goma, wani lokaci kwana guda. Ƙayar tsidau ta fi kowa iya wannan mugunta, ga gajarta ga tauri, kuma in ka bi ta inda take ba guda ɗaya za ka kwaso ba. Ba ƙaya kaɗai ba ma, akwai ɗan tsinken wayar ƙarfe siriri kamar gashi da ke fita daga tsofaffin tayoyin mota, da ɓarɓashin kwalba, duk halinsu ɗaya.

Ni kaina na taɓa shan wannan wahalar da tayar baya, sau 3 cikin sati ɗaya. Na farko na yi faci, na biyu na sake faci, na uku na ce tiyub ɗin ne ya tsufa na sa sabo fil, bai yi kwana biyu ba shi ma ya bi sahu. A kowane karo kuwa na zura hannu na shafa cikin tayar ban ji komai ba, shi ya sa na rantse ba ƙaya. Abin da ya tona asirin shi ne da na ɗauko tsohon tiyub na ajiye shi kusa da sabon, bawul da bawul, sai na ga faci biyun nan da sabon hujin duk nisansu daga bawul kusan ɗaya ne, kamar taki ɗaya da ƴan yatsu huɗu. Huji uku a wuri ɗaya ai ba tsautsayi ba ne, wani abu ne zaune a wurin. Na koma kan tayar na auna wannan nisan daga ramin bawul, na juya tayar ciki ya koma waje, na lanƙwasa wurin da ƙarfi a cikin haske, sai ga wani ɗan baƙin ɗigo ya ɗago kai. Ƙaya ce, tsawonta bai fi milimita 3 ba. Yatsana ya wuce ta kanta sau uku bai ji ta ba saboda sai an lanƙwasa robar take fitowa.

Daga nan na gane cewa tiyub shi ne taswirar da ke nuna maka inda ƙayar take, kuma yawancinmu muna lalata taswirar tun kafin mu karanta ta. Mutum ya zare tiyub ya wurgar gefe, ya tuɓe taya daga rim ya jujjuya ta, to yanzu ko ka samo hujin ta ina za ka san wane ɓangaren taya ne ya yi daidai da shi? Abin yi shi ne kafin ka sa liba, wato ƙarfen tuɓe taya, ka ɗauki alli ko biro ka yi wa tayar alama daidai inda bawul yake. Ka buɗe gefe ɗaya kawai, ka bar ɗayan a kan rim don kada tayar ta zame. In ka zaro tiyub ka yi masa ƴar kibiya mai nuna gaban keke, don ka san yadda ya kwanta a ciki. In ka manta ba ka yi kibiyar ba, ba komai, sai dai aikinka ya zama biyu, ka auna nisan ta dama da bawul ka kuma auna ta hagu, ɗaya daga ciki ne. Wata dabara mai sauƙi ita ce ƙirga sifok, in hujin ya faɗo daidai sifok na 7 daga bawul to can za ka nufa.

Wajen neman hujin a jikin tiyub kuwa hanya biyu ce ake gardama a kai, ruwa ko kunne. A kan hanya ba baho ba bokiti, sai ka bugi tiyub iska har ya kumbura ya kusa ninka kaurinsa, kada ka ji tsoro roba ce tana miƙewa, kuma miƙewar ce ke buɗe ƙaramin huji. Sai ka riƙa wucewa da shi kusa da kunne, in ba ka ji ba ka wuce da shi kusa da leɓe ko kumatu, fatar wurin ta fi yatsa jin sanyin iska nesa ba kusa ba. Inda ka yi zargi ka shafa miyau, zai yi kumfa. Wannan na kama hujin ƙusa da na babbar ƙaya cikin minti ɗaya ko biyu. Amma taya mai sacewa a hankali, wadda sai ta kwana take kwanciya, gaskiya ruwa kawai. Ka nutsa tiyub kashi kashi kana ɗan ja kana miƙa shi a cikin ruwan, kuma ka yi haƙuri, ƙaramin huji wani lokaci ƙwayar kumfa ɗaya yake saki bayan daƙiƙa da yawa. Kumfar da ta manne a jikin roba kawai ka goge ta da yatsa, in ta dawo a wuri ɗaya to nan ne. Kuma don Allah kada ka tsaya daga ka ga na farko, ka zagaye tiyub ɗin duka har da bawul, tsidau ba ta zuwa ita kaɗai. In ka fito da shi ka goge, ka zagaye hujin da biro da faɗi ko ka ja layi biyu su gitta a kansa, don sanfefa za ta goge ƙaramar alama.

Shi kansa hujin yana magana in ka kalle shi. Ɗan ɗigo guda a bayan tiyub, wato ɓangaren da ke kallon hanya, wannan ƙaya ce ko waya ko kwalba. Ƴan tsagu biyu a jere kusa da juna kamar saran maciji, wannan ba ruwan ƙaya, iska ce ta yi kaɗan ka faɗa rami rim ya matse tiyub, maganinsa famfo ne, ka riƙa bugawa daidai abin da aka rubuta a gefen taya. Huji a cikin tiyub ta ɓangaren da ke kallon rim kuma, kan sifok ne ya leƙo ko robar da ake shimfiɗawa cikin rim ta goce ko ta yage, nan ko ka kwana kana laluben taya ba za ka ga komai ba. In kuma kumfa daga bakin bawul take, to ƙwayar cikinsa ce ta saki, irin na mota ana ɗaure ta da ɗan makullinta, tsohon samfurin Dunlop kuma akwai ƴar siririyar roba a ciki da ke tsufa ta tsage, ita kaɗai za ka canza. Mutane da yawa sun yar da tiyub mai kyau saboda wannan ƴar robar.

To a ce ɗigo ne a baya, ka koma kan taya. Nan ma akwai zaɓi, yatsa ko auduga. Yatsa ya fi sauri amma yana da matsala biyu, in kwalba ce ko waya za ta yanke ka, in ƙayar ta ɓuya kuma ba zai ji ta ba kamar yadda ta faru da ni. Auduga ko tsumma mai laushi in ka goga a cikin tayar zarenta na maƙalewa a duk wani tsini komai ƙanƙantarsa, ka ga farin zare ya tsaya a wuri ɗaya. Ni yanzu auduga nake fara gogawa ta gaba da ta baya, domin waya takan kwanta a karkace ta kama ta gefe ɗaya kawai, sannan in bi da yatsa a hankali, sannan in juya wurin da tiyub ya nuna min in lanƙwasa. Ta waje ma ka matsa robar tsakanin yatsu biyu, duk ƴar tsaga da ka gani ka buɗe ta ka leƙa. Wajen cirewa ka tuna ƙaya gindinta ya fi tsininta kauri, kuma gindin na waje, don haka daga ciki za ka tura ta ta koma ta inda ta shigo, da bayan allura ko bakin ƙaramin sukuddireba, sai ka kama ta waje da matsefata ko filaya. Masu karya tsinin ta ciki da farce su ce an gama, ba a gama ba fa, sauran na nan kuma tafiya za ta ƙara turo shi. Bayan ta fita ka zazzage tayar, wani lokaci guntun na faɗawa ciki ya yi ta yawo.

Yanzu mu zo kan zaɓin. Faci, in an yi shi yadda ya kamata, a kan hujin ƙaya ba shi da wani aibu, wurin da aka liƙa na iya daɗewa har ƙarshen rayuwar tiyub ɗin. Hujin ƙaya ma shi ne ya fi kowane huji daɗin faci tunda ƙarami ne kuma a fili yake. Abin da ke ɓata wa faci suna gaggawa ce. Ka goge wurin da sanfefa faɗin ya wuce na facin har ƙyallin robar ya tafi, ka shafa gam siriri, ba dumbuje ba, sannan ka jira ya bushe kamar minti 5 har ya daina ƙyalli, a nan ne kowa ke faɗuwa, mutum na ganin gam jiƙe shi ne zai fi kamawa alhali ba haka wannan gam ɗin yake aiki ba. Sai ka ɓare facin kada yatsa ya taɓa fuskarsa, ka danna da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki. In hujin na kusa da layin nan da ya ɗan taso a jikin tiyub, sai ka goge layin ya kwanta tukuna, in ba haka ba iska za ta bi gefensa ta fita. Akwai kuma faci mai gam a jikinsa wanda ake ɓarewa a manna kawai, yana da daɗi a kan hanya, amma ni ban ɗauke shi na dindindin ba, in na dawo gida nakan sake da na gam. Inda faci ba ya yi shi ne gindin bawul, da doguwar tsaga, da huji a bakin tsohon faci inda sabon zai hau kan tsohon.

Wani amfanin faci da ba a cika faɗa ba, yana tilasta maka ka nemo hujin, in ka nemo hujin kuma ka samu hanyar zuwa ƙaya. Sabon tiyub kuwa a nan yake yaudarar mutane. Ya fi sauri, minti kaɗan ka gama, ba jiran gam, ba neman ruwa, in dare ya yi maka ko ruwan sama na dukanka shi ne kawai mafita tunda gam ba ya kama jiƙaƙƙen tiyub. Amma saboda saurin nan mutum ba ya duba tsohon, ya cusa sabo a kan ƙayar da ke jiransa, ya mayar da ƙaramar asara babba. Don haka ko sabo za ka sa, bugi tsohon iska ka ga inda ya huje, ba ya cin minti biyu. Lokacin da sabon tiyub ya zama dole shi ne in bawul ya tsage daga gindi, ko robar ta tsufa kana ja kana ganin ƴan tsagu, ko faci sun yi yawa har suna hawa juna. Yawan faci kaɗai ba laifi ba ne in suna warwatse kuma kowanne ya kama. In za ka saya ka duba lambar da ke gefen tayarka, misali 40-635 ko 47-559, ta farko faɗin taya ce a milimita ta biyu kuma girman rim, ita ta fi inci tabbas, domin akwai tayoyin da duk ake ce musu 28 amma wata 622 ce wata 635. Ka kuma tabbatar bawul ɗin zai shiga ramin rim ɗinka.

Sabuwar taya ita ce babbar guduma, kuma gaskiya ita kaɗai ce cikin ukun ke kashe matsalar ko ba ka ga ƙayar ba, tunda kun rabu da ita gaba ɗaya. Amma ramin da ƙaya ta bari bayan an cire ta ba ya hana taya aiki, robar na komawa ta rufe, don haka yar da taya mai sauran tudu saboda ƙaya ɗaya ɓarna ce. Inda zan ce ka canza ba gardama, in tsakiyarta ya goge ya yi sumul ko zare ya fara leƙowa, domin siririyar roba komai ƙanƙantar abu ratsa ta yake, za ka ga hujin yau nan gobe can ba wuri ɗaya ba. Haka in akwai yankan da in ka bugi iska tiyub ke turo kai ta ciki, ko gefenta ya tsattsage, ko wayar bakinta ta fito tana cin tiyub. Sai kuma hali na ƙarshe, tiyub ya nuna maka wuri ɗaya sau biyu sau uku, ka juya, ka lanƙwasa, ka goga auduga, ka haska fitila, ba ka ga komai ba. Kafin ka haƙura gwada liƙa faci mai kauri ko guntun tsohuwar taya a cikin tayar daidai wurin, wani lokaci yana tare guntun da ya maƙale, amma in waya ce za ta iya ratsa shi a hankali, in ta sake to lokacinka ya fi tayar daraja.

Ga wanda hanyarsa kullum cikin ƙaya take kuma, akwai ruwan nan mai kauri da ake ɗurawa cikin tiyub ta bawul, iska na tura shi bakin huji ya toshe. A kan ƙananan hujin ƙaya yana aiki sosai, har ma za ka iya yawo da ƙaya a taya ba ka sani ba. Sai dai ba ya toshe tsagar matsewar rim yadda ya kamata, yana iya cushe bawul, yana bushewa in ya daɗe, kuma ranar da ka so yin faci sai ka wanke wurin tas ka busar kafin gam ya kama. Akwai kuma doguwar roba mai tauri da ake shimfiɗawa tsakanin taya da tiyub, tana tare gajerun ƙayoyi, amma tana ƙara nauyi, in ba a zaunar da ita daidai ba kuma bakinta da kansa na iya cin tiyub. Duka biyun kariya ce ta gaba, ba dalilin barin tsohuwar ƙaya a ciki ba.

In ni ne yau tayata ta sace karo na biyu, ga yadda zan yi. In ina kan hanya in zaro tiyub, in bugi iska in ji wurin, in cire ƙayar, in sa na ajiya in tafi, hujajjen in naɗe shi in yi masa faci a gida cikin natsuwa ya zama shi ne na ajiya. In a gida nake kuma tayar na da sauran tudu, faci kai tsaye. Taya sai in ta goge ko ta yanke. Wajen mayarwa kuma na ɗauki wata ɗabi'a, ina daidaita rubutun sunan da ke gefen taya da bawul kullum, don in an sake ba sai na nemi alli ba, na san inda zan fara aunawa. In ɗan sa wa tiyub iska kaɗan ya yi siffa kafin in cusa shi, in mayar da bakin taya da hannu gwargwadon iko, domin liba a wannan matakin ita ke cizon sabon tiyub ka koma kana zargin ƙayar da ka riga ka cire. In zagaya ina matsa gefe da gefe in tabbatar tiyub bai maƙale ƙarƙashin bakin taya ba, in cika iska, sannan in hau in yi zagaye na minti 10 ko 15 kafin in ajiye, tunda ajiyewa kawai ba ta gwada komai, sai nauyi ya hau ɓoyayyiyar ƙaya take cizo. Da safe in matsa da babban yatsa in ji.